Kashi 90 da kashi 50 ba su zama kashi 70 ba

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ke haɗa rahoton makarantarmu ta firamare a nan Garwa. A jarrabawar CEP ta kammala firamare ta bana, ƙaramin reshenmu ya kai yara 30, kashi 90 cikin 100 suka ci. Babban reshe ya kai yara 120, kashi 50 suka ci. Na haɗa 90 da 50 na raba biyu, na rubuta 70. Sufeto ya dawo da takardar da jan biro. Hankalina ya tashi, kada a ce coge na yi.

Amsa: Wa alaikumus salam. Kwantar da hankalinka Malam, ba coge ba ne, amma sufeton ya yi gaskiya. Amsar ita ce kashi 58.

Ajiye kason tukuna, ka ƙirga kawunan yara. Kashi 90 na yara 30 shi ne 27. Kashi 50 na yara 120 shi ne 60. Waɗanda suka ci ke nan 87, daga cikin 150 da suka zauna. Raba 87 da 150, ka ninka da 100, za ka ga 58. In da 70 ɗin nan gaskiya ne, da yara 105 ne suka ci. To ina sauran 18 ɗin? Ba su cikin jerin sunayen da aka liƙa a bango, kuma iyayensu sun san 'ya'yansu sun faɗi.

Inda aka yi tuntuɓe shi ne raba biyun nan. Da ka raba biyu, ka ba kowane reshe rabin murya, alhali babban reshe ya ninka ƙarami sau huɗu. Wato yaro ɗaya na ƙaramin reshe ka ɗora shi a sikeli daidai da yara huɗu na babba.

Abin da ke ba ni mamaki, malaman da ke wannan kuskure su ne kullum ke cika katin sakamako da kofisiyan, wato lambar da ake ninka makin kowane darasi da ita gwargwadon nauyinsa. Babu wanda zai haɗa makin darasi mai kofisiyan 4 da na mai kofisiyan 1 ya raba biyu, ɗalibi ma zai tsayar da shi. Amma da an ga alamar % sai a manta. A nan yawan yaran ne kofisiyan:

```
(90 × 30 + 50 × 120) ÷ 150 = 58
```

Kullum sai na ji wani ya ce, "Ai kaso ya riga ya daidaita komai, tunda duka cikin ɗari ne." Wannan magana ita ce tushen ɓarnar, kuma na gaji da jin ta. Kaso yana ba ka damar kwatanta reshe da reshe, shi ke nan aikinsa. Kafin ya yi hakan sai da ya jefar da yawan yaran, don kashi 50 na yara 4 da kashi 50 na yara 400 rubutu ɗaya ne a takarda. Abin da aka jefar ɗin kuwa shi ake buƙata wajen haɗawa. Wani kuma ya ce bambancin ba shi da yawa. Maki 12 ne ba yawa? Kada kuma a ɗauka kullum sama yake kai mutum. Juya lamarinka: a ce yara 120 ne suka samu kashi 90, yara 30 suka samu 50. Waɗanda suka ci 108 da 15, wato 123, kashi 82 ke nan. Mai raba biyu zai sake rubuta 70, ya tauye wa malamansa haƙƙi da hannunsa. Ofisoshi ma suna da nasu laifin. Duk fom ɗin da ya nemi kaso kawai, bai bar gurbin yawan yara ba, na sama ba shi da abin da zai haɗa sai kaso a kan kaso, kuskure ya yi ta hawa daga makaranta zuwa gunduma. Haka ma zai iya faruwa da alƙaluman rigakafi: ƙauye mai yara 40 ya zauna kafaɗa da kafaɗa da unguwa mai yara 2,000.

Raba biyu yana dacewa ne kawai in rukunonin yawansu ɗaya, ko kasonsu ɗaya. In ba haka ba, amsa ta gaskiya dole ta karkata wajen babban rukuni. Dubi 58, ta fi kusa da 50 nesa ba kusa ba. Duk lokacin da ka ga jimilla ta zauna daram a tsakiya alhali rukunonin ba kai ɗaya ba, ka tuhume ta.

In da kwamfuta kake aiki, kada ka ja MOYENNE, umarnin Excel mai fitar da matsakaici, a kan layin kaso. Sa waɗanda suka zauna a layin B, waɗanda suka ci a layin C:

```
=SOMME(C2:C3)/SOMME(B2:B3)*100
```

Kafin ka mayar da takardar, tambayi sufeto ko da yaran da suka yi rajista ake rabawa ko da waɗanda suka zauna, ka yi amfani da ma'auni ɗaya a rassan biyu. Sannan ka rubuta 87 cikin 150 a gefen kashi 58 ɗin, don ya iya bin lissafin da kansa.