Cike gashin goshi a hoto ba tare da an gane ba

"Maigida, wani ya kawo hotonsa, gashin gaban goshi ya ja baya. Na yanko gashi daga gefen kai na ɗora masa, sai ya fito kamar ya sa hula. A ina na kuskure?"

Ka fara da gashi ne, yarona, alhali da fatar kai ake farawa. Abin da ke tona asirin sanƙo a hoto shi ne ƙyallin fatar da ke leƙowa ta tsakanin gashin. Buɗe sabuwar leya a Photoshop ka sa ta a Multiply, ka ɗebo launi daga inuwar gindin gashinsa, ka rage Flow na burushi zuwa kashi 3 ko 5 cikin ɗari, ka dinga shafawa a hankali a inda fatar ke sheƙi. Da ƙyallin ya kwanta, za ka ga gashin da yake da shi ya yi kamar ya ƙaru, tun ba ka ɗora ko sili ɗaya ba.

Sai cikewa. Gashin gefe kwanciyarsa daban, hasken da ya sauka a kansa ma daban, shi ya sa naka ya ƙi zama. Ɗauki Clone Stamp a wata leya, Sample a kan Current & Below, ka ɗebo daga gashin da ke bayan gurbin kaɗan, inda haske da kwanciya suka zo ɗaya. Ka yawaita danna Alt kana sauya wurin ɗiba. In ka tsaya wuri guda, dunƙulen gashi ɗaya zai fito sau uku a jere, ido kuwa ba ya rasa wannan.

Bakin gashin ne wurin da za ka fi daɗewa. Duba goshin duk wanda ke kusa da kai: gashi ba ya tsayawa cak a kan layi. Yana raguwa ne, silin gaba gajeru, sirara, warwatse, fata na bayyana a tsakaninsu. Saboda haka sa mask ka cinye bakin abin da ka ɗora, kada ya miƙe sambal. Sannan da burushi mai kaurin fiksel 1 ko 2 ka zana sili ɗaiɗai, wasu masu duhu wasu masu haske, suna bin kwanciyar na asali. In sun fi sauran hoton kaifi, ba su Gaussian Blur kaɗan, ka bi da Add Noise har su saje.

Kuma don Allah kada ka yi zari. Sauko da gashin kamar faɗin yatsa ɗaya a goshinsa na zahiri, ka bar masa lungunan gefe biyu, ka dai rage zurfinsu. Mai shekara 50 da goshin saurayi, iyalinsa ne za su fara ganewa.

Kafin ka miƙa, ƙanƙanta hoton zuwa girman fuskar waya, ka juya shi da Flip Canvas Horizontal. Duk inda ka ga duhu ya taru ko baki ya yi kaifi, koma ka rage Opacity na wannan leyar.