Buhu 3, Buhu 46 da Buhu 75: Wanne Za a Bari a Lissafin Ƙungiya?

Tambaya: Malam, ni ne sakataren wata ƙungiyar manoman masara a yankin Saminaka, mu 15 ne. Ga abin da kowa ya ce ya samu bana a hekta ɗaya, da buhu mai kilo 100: 3, 17, 19, 20, 21, 22, 23, 24, 25, 26, 27, 28, 30, 46, 75. Da na haɗa na raba sai na samu buhu 27, 'yan ƙungiya suka ce ya yi yawa. Da wannan lissafi za mu tsayar da bashin takin da kowa zai iya ɗauka baɗi. In goge lambobin da suka fita zakka ne?

Amsa: Malam Sakatare, 'yan ƙungiyarka sun fi alƙalaminka gaskiya. Mutum huɗu ne kawai cikin 15 suka wuce buhu 27, don haka wani abu ne ya ja lissafin sama. Amma kada ka goge komai tukuna. A fara gano waɗanda suka fita zakka da ma'auni, ba da ido ba, don kada gobe wani ya ce ka cire shi ne saboda ba kwa shiri.

Ka riga ka yi rabin aikin da ka jera lambobin daga ƙarama zuwa babba. Nemi ta tsakiya: cikin 15 ita ce ta 8, wato 24. Bakwai suna ƙasanta, bakwai suna samanta. Tsakiyar bakwai na ƙasa ita ce 20, ana ce mata rubu'in ƙasa. Tsakiyar bakwai na sama ita ce 28, rubu'in sama ke nan. Tsakanin 20 da 28 nan ne rabin mutanenka suke, tazarar kuwa buhu 8 ce. Ninka tazarar sau ɗaya da rabi, ka samu 12. Cire 12 daga 20, saura 8. Ƙara 12 a kan 28, ya zama 40. Ka kafa shinge biyu ke nan, 8 da 40. Duk lambar da ta tsallake shinge abar bincike ce, kuma a littafinka guda uku ne: 3, 46 da 75.

Wani masanin ƙididdiga Ba'amurke, John Tukey, shi ya yaɗa wannan ƙa'ida a 1977. Abin da ya sa nake sonta shi ne ba ta jin tsoron babbar lamba. Da mai 75 ya rubuta 750, shingen nan ba zai motsa ba, domin da lambobin tsakiya aka gina shi. Idan da Excel kake aiki, kuma lambobin suna A1 zuwa A15, rubuta:

```
=QUARTILE.EXC(A1:A15,1)
=QUARTILE.EXC(A1:A15,3)
```

Za su ba ka 20 da 28. QUARTILE zalla kuwa 20.5 da 27.5 za ta ba ka, shingen ya koma 10 da 38. Kada wannan ya ɗaga maka hankali, hanyar ƙirga ce ta ɗan bambanta, kuma mutum ukun nan dai su za ta nuna. Ka riƙe hanya ɗaya duk shekara.

To, shinge dai nuni yake yi, ba ya yanke hukunci. Sauran aikin na ƙafa ne, sai ka taka gidan kowanne cikin ukun.

Fara da mai 75. Tan bakwai da rabi ke nan a hekta, alhali maƙwabtansa suna tsakanin biyu da uku. Kafin in yarda sai na tambaye shi abu biyu. Na farko, girman gonar: sau da yawa mutum jimillar abin da ya kai gida yake faɗa, ba na hekta ɗaya ba. Idan hekta 3 ya noma, 75 ɗin nan 25 ce, ya dawo tsakiyar jama'a. Na biyu, da totuwarta ya ƙirga ko bayan an casa? Buhun masarar da ba a casa ba, ba kilo 100 na tsaba ba ne. In an gano kuskuren, gyarawa ake yi, a sa 25, matsakaicin ya sauko zuwa buhu 23.7. In kuwa ya sayar, bai san girman gonar ba, babu kuma wanda ya shaida awon, a nan ne kaɗai zan ce ka cire, ka raba da 14, ka samu 23.6. Kada ka rage ta zuwa 40. Lambar da ba daidai ba ce, ko ka datse ta ba ta zama daidai.

Mai buhu 3 shi ne wanda hannu ya fi saurin gogewa, kuma shi ne na fi hana a taɓa. Idan ka je ka tarar ruwa ne ya kwanta a gonar cikin Agusta, ko wuta-wuta ta cinye ta, ko tsutsa ta shiga tun masara na ƙarama, to wannan ba kuskuren rubutu ba ne, noma ne. Baɗi ma wani zai iya faɗawa. Ka lura da wani abu: in ka goge duka ukun, matsakaicin 23.5 zai ba ka, kusan daidai da wanda muka samu. Sai ka ce ai babu bambanci. Akwai. Littafin da aka goge mai buhu 3 yana cewa wanda ya fi kowa rashin sa'a ya samu buhu 17, kowa ke nan zai iya biya. Littafin gaskiya yana cewa mutum ɗaya cikin 15 bai mayar da ko kuɗin taki ba, kuma ƙungiyar da za ta tsaya wa 'ya'yanta a kan bashi dole ta tanadi abin toshe wannan rami.

Na 46 ya fi wuya. Tan 4.6 a hekta abu ne mai yiwuwa ga wanda ya shuka ingantaccen iri, ya sa taki a kan lokaci, ya yi noma kafin ciyawa ta kama. Idan ka tabbatar da awonsa, a rahoton shekara ka bar ta 46 cif, ka kuma tambaye shi abin da ya yi, don ya fi kowa abin koyarwa. Amma wajen tsayar da bashi, ba na son gwanin mutum ɗaya ya ɗora wa 14 nauyi. Nan ne datsewa take da amfani: ka rubuta masa 40, wato bakin shinge, ya zauna a lissafi a matsayin wanda ya fi kowa, ba tare da ya ja sauran ba. Da 75 ta koma 25, 46 ta koma 40, jimilla 350 ce, matsakaici 23.3. Bambancin bai kai rabin buhu ba, don haka in ƙungiya ta ce a bar 46 yadda take, ba zan yi gardama ba. Ni dai a kan buhu 23 zan gina bashin.

Hattara biyu. Sau ɗaya ake kafa shinge; in ka cire lamba ka sake kafawa, shingen yakan matse ya kama wani, har ka fara korar mutanen kirki. Sannan kada ka zuba masu noman rani da masu noman damina a jeri ɗaya, ko mai faɗa da eka da mai faɗa da hekta, tunda hekta ɗaya kusan eka biyu da rabi ce. Raba su, kowane rukuni da nasa shingen, in dai rukunin ya kai kamar mutum goma; ƙasa da haka lamba ɗaya tana iya karkatar da rubu'in kansa.

A littafin, kada ka shafe lambar asali. Ja layi na biyu a gefenta, ka rubuta lambar da aka yi lissafi da ita da dalili a taƙaice, misali "hekta 3 ce, an raba", sai mai gonar ya sa hannu a gaban shugaba.