Kora a kan yara: dalilin da ya sa man shafawa kaɗai ba ya warkar da ita

Likita, ɗana mai shekara bakwai gashin kansa yana zubewa tabo-tabo, wurin ya yi fari yana ɓarewa kamar amosani. Wata biyu ke nan ina shafa masa man makero da na saya a kemis, sai ya yi kamar zai warke ya dawo. An ce sai an ba shi na sha. Ciwon da yake a fata, me ya kai shi ga shan magani? — Wata uwa daga Zariya

Malama, wanda ya gaya miki haka ya faɗi gaskiya. Abin da kika kwatanta ya yi kama da kora, kuma ƙwayar da ke kawo ta 'yar'uwar mai kawo makero ce, dangin funfuna, abincinta kuwa shi ne sinadarin da aka gina gashi da farce da saman fata da shi. Bambancin yana wurin da ta zauna. A jiki tana tsayawa a saman fata, inda mai zai same ta. A kai kuwa tana bin ramin gashi ta gangara ƙasa, ta shige cikin silin gashin tun yana tsirowa. Man da kike shafawa yana kashe ta sama, shi ya sa ɓarewar ke raguwa kina ganin sauƙi, amma ba ya kaiwa cikin ramin. Maganin sha shi ne ke bin jini ya isa saiwar gashi, ya shiga cikin sabon gashin da ke fitowa, ƙwayar ta rasa inda za ta kama.

Gobe da safe ki zaunar da shi a haske ki duba tabon da kyau. Za ki ga gashin ba tugewa ya yi ba, karyewa ya yi. Wani lokaci guntaye ne masu launin toka, wani lokaci kuma ya karye daidai da fata har sai dai ki ga ɗigo-ɗigo baƙi. Ki shafa bayan kunnensa da ƙeyarsa, sau da yawa akwai kaluluwa a nan. A asibiti mukan kankare ɓawon da ɗan gashi a duba a madubin likita don a tabbatar, amma idan alamun sun fito sarai mukan fara magani ba tare da jira ba.

Magunguna biyu aka fi amfani da su. Na farko girisiyofulbin, tsohon magani ne da ake ba yara tun wajen 1959, kuma har yanzu yana aiki. Da nauyin yaro ake auna shi, ba da shekarunsa ba: miligiram 20 zuwa 25 a kan kowane kilo ɗaya a rana, na sati shida zuwa takwas. Mu ɗauka ɗanki kilo 22 ne. Lissafinsa ya faɗa tsakanin miligiram 440 da 550, wato ƙwaya ɗaya mai 500 kullum. Sati shida ƙwaya 42 ke nan, sati takwas 56. Na kawo wannan adadin ne saboda abin da nake gani kusan kowane mako: a sayo kati ɗaya mai ƙwaya goma, a shanye, a ce magani bai yi ba. Kati ɗaya ko kwatan hanya bai kai ba.

Akwai kuma abin da ake yawan mantawa a gaya wa iyaye. Hanji ba ya tsotse wannan magani sosai sai da maiƙo. Kada ki ba shi da ruwa kawai cikinsa ba komai. Ki ba shi bayan ya ci abinci mai mai, ko ƙosai, ko kunun gyaɗa, ko madara ko kindirmo. Idan ba ya iya haɗiye ƙwaya, a daka ta a cakuɗa a cokali ɗaya na kindirmo ya shanye duka.

Na biyu tabinafin, wanda galibi sati huɗu ake sha. Yaro mai kilo 20 zuwa 40 ana ba shi miligiram 125 a rana, wato rabin ƙwaya mai 250. Ya fi ƙarfi a kan irin korar da ke yawo tsakanin yara, girisiyofulbin kuma ya fi a kan wani jinsin, wanda a cikinsa har da wanda ake ɗauka daga kyanwa da kare. Don haka ki kai shi a auna nauyinsa likita ya zaɓa, kada ki ɗauki lissafina ki tafi kemis da shi.

Sannan ki duba kwalin man da kike shafawa. Yawancin mayukan nan da ake cewa "uku a ɗaya" suna da sinadarin sitiroyid. Shi ke kwantar da ƙaiƙayi da ja nan take, amma yana raunana garkuwar fatar, ƙwayar ta ƙara bazuwa a ɓoye. Idan naki irinsu ne, ki daina shi yau.

Mun fara ba ɗana maganin sha, yau kwana goma sha biyar. Kan ya yi tas, ba ya susa. Ina tsoron kada ya taɓa masa hanta. Mu daina? — Wani uba daga Maraɗi

Kada ku daina, Malam. Ƙaiƙayi da ɓarewa su ne ke fara tafiya, amma tsohon gashin da ƙwayar ke ciki yana nan. Gashi yana tsawon kusan santimita ɗaya ne a wata, saboda haka sai an ba sabon lokaci ya turo tsohon waje. Wanda ya tsaya a sati biyu, bayan wata ɗaya yakan dawo mana da tabon a wurin da yake, a sake farawa daga farko.

Tsoronka na hanta ba laifi ba ne, amma a yaro mai lafiya matsalar ba kasafai take faruwa ba. Abin da aka fi gani shi ne ciwon kai, tashin zuciya ko ɗan gudawa, kuma sukan wuce. Alamun da za su sa ku tsayar da magani ku taho asibiti a ranar su ne idanu su yi rawaya, fitsari ya yi duhu kamar shayi, amai ya ƙi tsayawa, fuska ko leɓe su kumbura, ko fata ta yi bororo. Idan dama yaron yana da ciwon hanta ko ya taɓa yin ciwon shawara, a gaya wa likita tun kafin a fara. Wasu yaran kuma ƙananan ƙuraje masu ƙaiƙayi kan feso musu a fuska, wuya da bayan kunne a kwanakin farko. Sau da yawa jiki ne ke mayar da martani ga ƙwayar cutar, ba maganin ne ya ƙi su ba, amma ku bari likita ya gani ya bambance.

Abu ɗaya game da uwar gida: mai juna biyu ba ta shan girisiyofulbin, yana iya cutar da ɗan tayi. Idan ita ma ta ga makero a jikinta, kada ta ɗebi na yaron.

'Yata kan nata ya kumbura wuri ɗaya kamar ƙwai, yana fitar da mugunya, gashin wurin yana fita da an taɓa. Kakarta ta ce a kai wa wanzami ya tsaga. — Wata uwa daga Gombe

'Yar'uwa, ina roƙonki kada a sa aska a kan yarinyar nan. Ki lallashi Hajiya, ki ce mata likita ya ce ba maruru ba ne. Wannan kora ce da jiki ya tasar wa da ƙarfi. Idan kika danna wurin za ki ji shi taushi kamar soso, mugunyar kuma ta ƙananan ramuka da yawa take fitowa, babu wata jaka ɗaya da za a fasa ta tsiyaye. Tsagawa sai dai ta ƙara rauni da tabo.

Na taɓa ganin wata yarinya 'yar shekara biyar da aka kawo bayan an tsaga mata sau biyu, ta sha maganin kashe ƙwayoyin cuta kala uku, daga baya aka shafa mata man birki. Da uwar ta cire mata ɗankwali, ya manne da ciwon sai da muka jiƙa shi da ruwan ɗumi. Ta warke da maganin sha, amma wani wuri mai faɗin murfin kwalba gashi bai sake fitowa ba, domin ramukan gashin sun mutu. Wannan irin kumburin shi ne ke barin sanƙo na dindindin idan aka yi jinkiri. Ki kai ta cikin kwana ɗaya ko biyu. Kafin nan a riƙa jiƙa ɓawon da tsumma mai tsabta da ruwan ɗumi, a ɗauke shi a hankali. Kada a sa kananzir, man birki, baƙin mai ko dakakkiyar tafarnuwa, duk ƙona fata suke yi. Idan aka fara magani da wuri, yawanci gashi yana dawowa ko da wurin ya yi muni a ido, sai dai yakan ɗauki watanni.

Yarona tabo ɗaya ne, sumul yake kamar tafin hannu, ba ɓarewa ba ƙaiƙayi. Kora ce? — Daga Kumasi

Da wuya. Tabo mai santsi wanda babu ɓawo ko guntayen gashi yawanci wata lalura ce daban, inda garkuwar jiki ke kai wa saiwar gashi hari. Ba ta yaɗuwa, maganin kora kuma ba ya yi mata komai. A kai shi wurin likitan fata kafin a sayi wani abu.

Ni malamin makarantar allo ne. Almajiraina fiye da goma suna da ita. In ware su? Aske kan zai kashe ta? — Daga Haɗeja

Allah ya gafarta Malam, aski ba ya kashe ta, tunda tana ƙarƙashin inda aska ke kaiwa. Hasali ma aska ɗaya ko injin aski ɗaya da ke bin kawuna ashirin a jere yana cikin manyan hanyoyin yaɗa ta. Ƙwayar tana iya rayuwa watanni a jikin mataji, hula, matashi da tabarma.

Ba sai an kore su daga karatu ba. Yaron da ya fara shan magani zai iya zama da 'yan'uwansa. Abin da ya fi muhimmanci shi ne a duba su duka a lokaci ɗaya, a yi musu magani tare, in ba haka ba wanda ya warke zai sake ɗauka daga wanda ba a yi wa ba. A nan ne sabulun wanke kai mai ketokonazol ke da amfani: sau biyu a sati, a bar kumfar minti biyar zuwa goma kafin a ɗauraye. Ba ya warkar da mai tabo, amma yana rage ƙwayoyin da ke zuba daga kansa, kuma ya kamata waɗanda ke kwana tare da su su yi amfani da shi na sati biyu zuwa huɗu, domin wasu suna ɗauke da ita ba tare da alama ba. Manyan almajirai da suka balaga ba su cika kamuwa ba, saboda maiƙon da fatar kai ke fitarwa bayan balaga yana hana ta sakat, amma su ma suna iya ɗauke da ita.

Kowane yaro ya riƙe hularsa, a wanke huluna da mayafai da ruwan zafi a shanya a rana. Ranar aski kowa da sabuwar rezarsa, masu tabo su zo a ƙarshe, matajai kuma a jiƙa su a ruwan bilic na minti goma kafin a ɗauraye.