Yaya, ga dalilin da na gyara hoto biyu na bar na ukun

Yaya, saƙonki ya iso ni ina shago a Agege, na kuma ji ƙorafinki. Kin ce kin turo min hotunan jikokinki uku na ranar suna a Funtuwa, na gyara biyu, na ukun kuma na maido miki yadda yake har da jan idon da ke ciki, na ƙara da tambayoyi kamar likita. Kin ce ko haka mutanen Ikko suke yi, sai an sha tambaya kafin a taɓa hoto? E, haka muke yi a nan, aƙalla mu 'yan hoton da ke aikin bukukuwan Hausawa tsakanin Agege, Idi Araba da Obalande. Bari in yi miki bayani a tsanake, don maganar ta wuce ta kyan hoto.

Kin san mu nan ba mu da tsakar gida irin taku. A gida ana suna da hantsi, mata na zaune a fili, rana ta wadaci kowa, ba kasafai ake kunna filasha ba. Nan kuwa ɗakin haya ne, taga ɗaya, ita ma tana kallon bangon maƙwabci. Taronmu na suna da walimar sauka yawanci sai Lahadi da yamma, don sauran kwanaki kowa na kasuwa ko yana cikin cunkoson hanya, kafin 'yan uwa su taso daga wata unguwa magariba ta kawo jiki. In aka yi rashin sa'a aka ɗauke wuta, to duk hoton da za a ɗauka da filasha ne. Ga shi mun koyi wanke hoto babba a sa a firam daga maƙwabtanmu Yarabawa, kuma rabin hotunan gida za a aika wa kakanni su ga jikokin da ba su taɓa ɗauka ba. Idon da ya yi ja a fuskar waya ba ya damun kowa, amma in an faɗaɗa shi an rataye a bango, shi za a fara gani. Shi ya sa gyaran ido ya zame mana aikin kullum.

Jan nan ba ciwo ba ne, ba kuma aljanu ba ne kamar yadda wata tsohuwa ta taɓa ce min tana tofa addu'a a kan hoton jikanta. Ɗigon baƙin da ke tsakiyar ido ƙofa ce da haske ke shiga. A rana tana tsukewa zuwa milimita 2 ko 3, a duhu kuma ta buɗe, a yara har ta kai 7 ko 8. Filashar kyamara takan haska ta mutu cikin kamar kashi 1 cikin 1000 na daƙiƙa, ƙofar ba ta ma fara tsukewa ba. Hasken sai ya shiga har bangon bayan ido, inda jijiyoyin jini suke da yawa, ya dawo ta hanyar da ya shiga. Da yake filashar tana dab da gilashin kyamara, sai kyamarar ta kama shi. Launin jinin bayan ido ne kike gani. Yara sun fi yin haka saboda ƙofar idonsu ta fi buɗewa, kuma su ba sa kauda kai, ƙur suke yi wa kyamara. A yaranmu baƙaƙen fata jan ba ya cika yin jawur irin na 'ya'yan Turawa, ya kan fito ja mai duhu ko ruwan goro, don bayan idonmu ma yana da duhun launi kamar fatarmu.

Hotunan nan biyu da na gyara, na yaron da na yayarsa, idanu biyun duk sun yi ja, ja iri ɗaya, girma ɗaya. Ganin haka ma hankalina kwanciya yake yi, don yana nuna haske ya shiga ya fito ba abin da ya tare shi. Abu na farko da na yi, na ajiye asalin hoton gefe, na yi aiki a kan kwafi. Wannan ƙa'ida ce a shagona, yaron da ke koyon aiki a wurina ma ya san in ya goge asali ranar ba za mu kwashe lafiya ba. Daga nan na buɗe kwafin a Photoshop, na faɗaɗa har idon ya cika rabin allo, na ɗauki Red Eye Tool. Akwai lambobi biyu a sama, Pupil Size da Darken Amount, kowanne yana zuwa a kan 50. A hoton yayar, dannawa ɗaya a kowane ido ta wadatar.

Na yaron ne ya ba ni aiki. Jansa ruwan goro ne, ya yi kusa da launin zoben idonsa, sai na'urar ta rikice ta baƙanta har zoben, idon ya koma kamar an ɗiga tawada. Na janye, na yi da hannu. Na zagaye ƙofar idon kaɗai da Elliptical Marquee Tool, na sa Feather a kan 1 don gefen ya yi laushi, sannan a Hue/Saturation na kai Saturation ƙasa gaba ɗaya. In aka tsaya a nan, idon toka-toka yake zama kamar na kifin da ya kwana a tire, don haka na rage Lightness kaɗan-kaɗan har ya yi duhu, amma ban kai shi baƙi ƙirin ba. Akwai kuma wani ɗan farin ɗigo da filasha ke bari a saman ido, ƙyallin da ke sa ido ya zama mai rai. Shi ba a taɓa shi. Masu gaggawa sukan shafe shi tare da jan, sai uwa ta karɓi hoto ta ce wannan ba kallon ɗanta ba ne, ta rasa me ya canza.

In 'yarki za ta yi a waya, Snapseed ya isa. Ta shiga Brush, ta zaɓi Saturation ta kai shi -10, ta faɗaɗa hoton sosai ta shafa a ƙofar idon kawai, sannan ta koma Exposure ta sa -0.7 ta sake shafawa sau ɗaya. Amma ta daina turo hoto ta hanyar da aka saba a WhatsApp, matse shi yake yi har idon ya zama 'yan ɗigo. Ta turo shi a matsayin Document.

Yanzu na ukun, na ƙaramar da ke goye a bayan uwarta aka juyo da ita. Ki buɗe shi ki faɗaɗa. Idonta na dama ja ne kamar na yayyenta. Na hagu kuwa fari ne mai ɗan rawaya, yana ƙyalli kamar idon mage a hasken tocila. Wannan ba na gyara shi, ko nawa za a biya ni.

Shekarun baya, ina sabon buɗe shago, wani mai sayar da tumatir ya kawo min hoton ɗansa na Sallah, yaron bai cika shekara 2 ba. Ido ɗaya fari ne haka. Na ɗauka sharrin filasha ne, na baƙanta shi tsaf, na yi masa ƙyalli irin na ɗayan, uban ya yaba min har ya ƙara min kuɗi. Bayan watanni idon ya fara juyewa, ya kumbura, da aka kai asibiti aka ce ciwon daji ne a bayan idon, sai da aka cire shi. Yaron yana nan da ransa, alhamdu lillahi, yana wucewa ta ƙofar shagona zuwa Islamiyya, kuma duk ranar da na gan shi sai na tuna cewa alamar ta zo hannuna tun da wuri, ni na goge ta da kaina. Uban bai taɓa ɗora min laifi ba. Tun daga lokacin na zagaya wurin abokan sana'ata na nuna musu asalin hoton, wanda Allah ya sa ban share ba, muka yi magana cewa duk wanda ya ga farin ido a hoton yaro zai kira iyayen kafin ya taɓa komai. Tambayoyin da kika ce na 'yan Ikko ne, daga nan suka samo asali.

Kada hankalinki ya tashi fiye da kima, Yaya. Farin yana iya zama ba komai ba. In yaro ya ɗan karkata ido, hasken kan faɗa daidai kan jijiyar gani, wadda ita fara ce, sai ido ɗaya ya fito fari a hoto ɗaya tak. Amma yana iya zama yanar ido da aka haifi yaro da ita, ko ciwon jijiyoyin jinin bayan ido, ko kuma wancan dajin da likitoci ke kira ritinobilastoma, wanda kusan duk yaran da yake kamawa ba su kai shekara 5 ba. Ba shi da yawa, kamar yaro 1 cikin 15,000 zuwa 20,000, kuma in an kama shi yana cikin ido bai fita ba, ana warkewa, wani lokaci ma a ceci idon. Jinkiri ne ke kashewa. Yanar ido ma ba ta son jira a jariri, don idon da bai saba gani tun yana ƙarami ba, ko an yi aiki daga baya ganinsa ba ya cika dawowa sosai. Ni mai hoto ba zan iya bambance waɗannan ba. Likitan ido ne zai ɗiga maganin da ke buɗe ƙofar idon ya leƙa ciki.

Shi ya sa na tambaye ki ko akwai wasu hotunanta. Ku duba wayoyin gidan duka, na dare musamman. In kuna son gwadawa, bayan magariba a rage hasken ɗaki, a kunna filasha, a kashe abin rage jan ido in wayar tana da shi, a tsaya taku biyu ko uku daga yarinyar tana kallon mai ɗauka kai tsaye, a ɗauka sau huɗu ko biyar, a ɗan matsa dama da hagu. Filashar ba za ta cutar da idonta ba. Sai dai fitilar waya ba kamar ta kyamara ba ce, takan haska kafin ta ɗauka, ƙofar idon ta tsuke, wasu wayoyin ma su gyara idon da kansu ba tare da an sani ba. Don haka ko duk sababbin sun fito lafiya, wannan bai wanke na farkon ba. Ki kuma tambayi uwar ko ta taɓa lura idon na hagu yana karkata kamar harara-garke, ko yana ƙyalli in an kunna fitila da dare.

Abin da nake roƙonki, cikin makon nan a kai ta. Daga Funtuwa, Cibiyar Ido ta Ƙasa da ke Kaduna ba ta yi muku nisa ba, akwai kuma asibitin ido na Sabon Gari a Kano. Da a nan kuke, da gobe da safe na raka su sashen ido na asibitin koyarwa da ke Idi Araba. Kada a tsaya wurin mai sayar da tabarau ko kemis, kada a ɗiga nono ko a ƙara kwalli a ce a ga yadda hali zai yi. Su tafi da wayar da aka ɗauki hoton, a nuna wa likita asalin, don farin ba kullum yake bayyana a hasken rana ba, kuma hoton zai sa a duba ta da kyau.

In mijin 'yar taki ya ce ai hoto ne kawai, ki ba shi waya in yi masa magana da kaina. Kuɗin mota kuma ki bar min, zan turo yau da daddare. Sauran biyun na wanke su, zan ba direban da ke tafiya Asabar ya kawo miki. Ki gaida mutanen gida, ki kira ni da zarar sun fito daga wurin likita.