Kuɗin Cizo: Daga Ɗaki Ɗaya Har Ya Mamaye Gida

"Likita, gaskiya ne kuɗin cizo yana yaɗa ƙanjamau da ciwon hanta?" Wani ɗalibi daga Yelwa, Bauchi.

A'a, ɗana. Har yau ba a tabbatar yana ɗaukar wata cuta daga jikin wani ya sa wa wani ba. Ɓarnarsa ƙaiƙayi ce da hana barci, sai kuma gyambo idan an yi ta susa da farce mai datti. In wajen ya kumbura, ya yi zafi, ya fara ruwa, je asibiti.

"Kullum ina shara da goge-goge, amma kishiyata tana cewa ƙazantata ce ta kawo shi." Wata matar aure daga Jahun, Bauchi.

Ki kwantar da hankalinki, 'yar uwa. Jini kawai yake sha, ba ruwansa da bola ko ragowar tuwo. Shigo da shi ake yi, a cikin jaka ko gwanjo ko tsohuwar kujera. Tarkace dai na ba shi wurin ɓuya, iyakacinta ke nan.

"Gidan haya muke, ɗakuna shida a jere. Yarana suka fara tashi da ƙuraje, maƙwabciya ta ce kuɗin cizo ne. Na fesa fiya-fiya a uwar ɗaka, na fitar da katifa rana, muka koma falo da kwana. Yanzu a falon ma cizo ake yi, ɗakin da ke kusa da mu su ma sun fara kuka. Ni kuma ban taɓa ganin ƙwaron da idona ba." Wata uwa daga Pantami, Gombe.

Hajiya, wasiƙarki ce ta fi tsaya mini a rai, domin abubuwa ukun da kika yi su ne kusan kowa ke yi, kuma ukun duka suna taimaka wa ƙwaron ya bazu.

Mu fara da halinsa. Kuɗin cizo ba shi da fiffiken tashi, ba ya tsalle kamar ƙuma, da ƙafa yake tafiya. Babbansa bai wuce milimita 5 zuwa 7 ba, jikinsa a baje kamar an danne shi, shi ya sa duk tsagar da katin banki zai shiga, shi ma zai shiga. Da rana yana maƙale kusa da inda ake kwana. Da dare iskar da mai barci ke fitarwa da ɗumin jikinsa su ke jawo shi, ya sha jini na 'yan mintoci, ya koma maɓoyarsa. Muddin abincinsa na nan kusa, ba ya son yin nisa. Yunwa ko tsangwama ko cunkoso ne ke sa shi ƙaura.

To, ke kin haɗa masa biyun farko a rana ɗaya. Da kuka bar uwar ɗaka, kun bar shi da yunwa. Ba mutuwa zai yi ba, domin yana iya yin watanni bai sha jini ba. Fita zai yi nema, ta ƙarƙashin ƙofa, ta gindin bango, har ya iske ku a falo. Wasu ma ba su sha wahalar tafiya ba, a cikin filo da bargo da tabarmar da kuka kwasa suka biyo ku. Shi kuma feshin yana kashe wanda ya taɓa ne, sauran da ke can cikin tsaga sai su ƙara nutsawa, ƙwai kuma galibi yana tsira. A irin gidajenmu na haya bangon tsakani sau da yawa iyakarsa silin, sama a buɗe take tun daga ɗaki na farko har na shida, wayar lantarki kuma ta ratsa daga wannan soket zuwa na maƙwabci. Hanya ce shimfiɗaɗɗiya. Katifar da kika ja ta tsakar gida kuwa, ko kin lura inda kika jingine ta? In kusa da igiyar shanya ne ko ƙofar wani, kin kai masa baƙi har gida. Ranar Gombe tana da zafi, ban musa ba, amma katifa mai kauri sama take gasuwa, ƙwarin su gangara ɓangaren da ke da sanyi su jira yamma.

Sai dai abin da ya fi damuna shi ne jimlarki ta ƙarshe. Kin fesa guba a ɗakin da yara ke kwana alhali ba ki tabbatar da abin da kike yaƙa ba. Ƙurji shi kaɗai ba hujja ba ne. Ni kaina da nake duba fata, ba zan kalli ƙurji in rantse cewa na kuɗin cizo ne ba. Yakan fito a jere, uku ko huɗu, a inda tufa ba ta rufe ba, kamar wuya, damtse da ƙafa. Amma sauro da ƙuma da ƙurajen zafi duk suna iya kama da haka. In kuwa ƙaiƙayin ya fi yawa a tsakanin yatsu, wuyan hannu, ƙugu da al'aura, kuma gidan duka ana susa, ƙazuwa nake zargi. Ita a cikin fata take, maganin shafawa take so daga asibiti, ko kin ƙone katifar ba za ta tafi ba.

Ga yadda za ki gano gaskiya, kuma ba ya cin ko sisi. Ki ɗauki fitilar wayarki da tsohon kati da farin ƙyalle. Ki yaye zanin gado a hankali, kada ki kakkaɓe. Ki fara daga wajen kai, ki bi ɗinkin gefen katifa kina buɗe shi da yatsa, ki duba ƙarƙashin tambarin da ke liƙe a jikinta da duk inda ta yage. Daga nan ki ɗaga ta ki duba katakon gado, musamman mahaɗa da ramin ƙusa, domin ya fi son katako da yadi a kan ƙarfe mai santsi. Ki zura katin cikin tsaga ki ja. Sai bayan allon gado, gindin bango, ninkin labule na sama, da ƙarƙashin kushin ɗin falon tunda yanzu can kuke kwana. In a ƙasa ake shimfiɗa, ki ɗaga gefen ledar ɗaki, ki duba bakin tabarma.

Abin da ya fi saurin bayyana shi ne kashinsa: ɗigo-ɗigo baƙaƙe a tattare, kamar an ɗiɗɗiga bakin biro. Ki jiƙa ƙyallen ki goga. In ya narke ya bar shatin ja-ja mai duhu, narkakken jini ne, kin kama shi. Kashin kyankyaso yakan zama gari-gari, yana gangarowa in an taɓa. Bayan wannan akwai ɓawon da yake saɓulewa, rawaya-rawaya, siffar ƙwaron sak amma ba komai a ciki. Akwai ƙwai, fari, tsawonsa kamar milimita 1, a manne da wurin, ba ya faɗuwa in kin hura. Shatin jini a zanin gado kuwa ƙaramar shaida ce, ko sauro aka murje zai bar shi. In kika samu mai rai, kada ki murje. Ki manne shi da salatif a farar takarda ki nuna wa ma'aikacin lafiya, domin 'ya'yan kyankyaso suna ruɗin mutane, sai dai su gashin bakinsu dogo ne kuma sun fi gudu.

In kin duba ba ki ga komai ba, ki ɗana tarko. Ki janye gadon daga bango, kada zani ko gidan sauro ya taɓa ƙasa. Ki sa kowace ƙafar gado a cikin robar cin abinci mai santsi, ki naɗe bayanta da ƙyalle don ya iya hawa, ki shafa hoda 'yar kaɗan a cikinta don ya kasa fita. Ki riƙa dubawa kowace safiya har mako biyu. Wani ya ci gaba da kwana a gadon, in ba haka ba babu abin da zai jawo shi.

Gaggawar da nake yi tana da dalili. Mace ɗaya da ta riga ta haɗu da namiji tana yin ƙwai 1 zuwa 5 a rana. Ƙwan yana ƙyanƙyashewa cikin kwana 6 zuwa 10, ɗan kuma ya saɓule fata sau biyar, kowane sai ya sha jini, ya balaga cikin kamar mako biyar in akwai ɗumi. Ke nan a watan farko gado ɗaya kike fama da shi. Zuwa wata na biyu 'ya'yan sun fara nasu ƙwan, maɓoyar ta cika, sai a fara neman ɗaki na gaba.

In ya tabbata, ku koma uwar ɗaka da kwana. Kayan shimfiɗa ki ƙulle su a leda tun a cikin ɗakin kafin ki fitar, ki jiƙa su a ruwan zafi da ya kai digiri 60, wato wanda hannu ba zai iya zama a ciki ba, ki bi ɗinkin katifa da dutsen guga. Ki liƙe tsagogin bango. Sannan ki cire kunya ki gaya wa maƙwabta da mai gida, a duba ɗakuna shidan a mako ɗaya. In ana buƙatar feshi, a nemo wanda ya san aikin ta hannun jami'an duba-gari, kuma a maimaita bayan kamar mako biyu saboda ƙwan da ya tsira. Yaran kuma ki kai su asibiti a duba ƙurajen, kada ki jira.

"Ni kaɗai ake cizo, maigida ko gezau. Ko sammu ne?" Wata amarya daga Kumo.

Ba sammu ba ne, amarya. Shi ma ana cizonsa, fatarsa ce ba ta nunawa, kuma mutane da yawa haka suke. Wani ma sai bayan kwanaki ƙurjin ke fitowa. Ku duba katifar.

"An ce in sa ƙwayar maganin hatsi a ƙarƙashin gado in rufe ɗakin kwana biyu." Wani magidanci daga Azare.

Malam, don girman Allah kada ka kuskura. Wannan ƙwayar iskar guba take fitarwa da zarar ta ji danshi, an yi ta ne don rumbu da buhunan da ke nesa da mutane. Ka rufe ƙofarka, ita kuwa ta bi ta silin ta iske jaririn maƙwabcinka yana barci, kuma ba ta da makari. Na gaji da jin wannan shawarar, da ta yayyafa fetur ko kananzir a katifa a ɗakin da ake kunna turaren wuta. Fiya-fiyar da ake ɗurawa a kwalabe ma maganin ƙwarin gona ce, tana shiga ta fata da ta numfashi. Duk wanda ya fara dalalar miyau, amai, zufa ko numfashi da ƙyar bayan feshi, a fitar da shi iska, a tuɓe masa kayan, a wanke jikinsa da sabulu, a ruga asibiti da kwalbar a hannu. Ban da ɗura masa manja ko madara, ban da sa shi amai.

"Yarona zai dawo hutu daga makarantar kwana." Wani uba daga Kaltungo.

Akwatin ya tsaya a tsakar gida. A juye kayan cikin ruwan zafi, a haska kusurwoyin akwatin da fitila, 'yar katifarsa kuma a ƙulle ta a leda har sai an duba ɗinkinta.