Yadda banki ke amincewa da cire kuɗi fiye da abin da ke asusu

"Ina son banki ya riƙa ba ni damar cire kuɗi fiye da abin da ke asusuna. Me suke dubawa, kuma nawa zai ci min?"

Abin da banki ke fara dubawa shi ne takardar shige da ficen kuɗin asusunka, yawanci na wata shida, domin ya ga ko albashi ko ciniki na shiga a kai a kai. Daga nan sai ya binciki tarihin bashinka da lambar BVN. Tsohon bashin da ba a biya ba, ko cekin da aka dawo da shi, na iya hana ka samu.

A ɗauka ruwan kashi 30 cikin ɗari ne a shekara, ka ci naira 200,000 ta kwana 20. Ruwa ana lissafa shi kullum kan abin da ka ci, wato kimanin naira 3,300. Idan kuɗin gudanarwa kashi 1 ne kan iyakar naira 500,000 da aka ba ka, za a ƙara naira 5,000, wanda ya fi ruwan kansa yawa. Shi ya sa nake ganin neman iyakar da ta wuce bukatarka hasara ce. Haura iyakar kuma na jawo tara, don haka kafin ka sa hannu ka nemi jami'in asusunka ya lissafa maka duk cajin a rubuce.