Littafin Hausa Ko Na Ajami A Jerin Manazarta: Amsoshin Tambayoyinku

Malam, da Ingilishi nake rubuta kundina, amma littattafan da na duba na Hausa ne. In fassara sunayensu a manazarta?

Ka fassara, amma kada fassarar ta kori sunan asali. Amfanin manazarta shi ne mai karatu ya je ɗakin karatu ya samo abin da ka duba, kuma da sunan Hausa zai same shi. A tsarin rubuta manazarta na APA, sunan asali ke fara zuwa da rubutun tsutsa, fassarar ta biyo baya cikin baka mai kusurwa da rubutu miƙaƙƙe, sannan aya:

```
Imam, A. (shekara). Magana jari ce [Speech is capital]. Maɗaba'a.
```

Shekara da maɗaba'a na kwafin da ke hannunka ne, ba na bugun farko da ka ji labari ba. Kuma ka bar ƙ, ɗ da ɓ da lanƙwasarsu. Ragwanci ne a ce na'ura ba ta da su.

Malam, waƙa ce da ajami na samu a rubuce da hannu. Da wane tsari zan mayar da sunanta boko?

Nan ne ɗalibai da yawa ke ɓata aiki, kuma abin yana damuna ƙwarai. Da zarar sun ga haruffan Larabci sai su ɗauko jadawalin mayar da Larabci zuwa boko, kamar na ALA-LC, su bi harafi harafi. Ai ajami rubutu ne, ba harshe ba. Tambayar farko ita ce, da wane harshe marubucin ya yi magana?

Ɗauki waƙar da aka sa wa suna Waƙar Gargaɗi. Malaman ajami kan rubuta ƙ da ق, g da غ, ɗ kuma da ط. Wanda ya bi jadawalin Larabci zai fito da wani abu kamar `wāqar gharghaṭī`, wanda Bahaushe ba zai gane ba, Balarabe ma ba zai gane ba. Haka c, da akan rubuta da ث, za ta koma th. Ga kuma wasula: rufu'a ɗaya kan tsaya wa o da u, ɗigon imala da ke nuna e kuwa yakan goge a tsohuwar takarda, ko mai kwafi ya tsallake shi. Saboda haka sai ka karanta sunan da baki, ka ji kalmar Hausar da ake nufi, ka rubuta ta da daidaitacciyar ƙa'idar boko. Idan marubucin Basakkwace ne ya yi karin harshensa, ka bar masa abinsa, kada ka gyara shi zuwa Kananci.

Sau da yawa kuma waƙar ba ta da suna ko kaɗan, da basmala da yabon Annabi kawai ta fara. Kada ka ƙirƙira mata suna ka sa kamar na marubuci ne. Ka yi gajeren bayani cikin baka mai kusurwa cewa waƙar Hausa ce da ajami, ka kawo farkon baitinta, sunan ɗakin ajiyar da take, da lambarta.

In sunan Larabci ne, kamar littafin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, `Infāq al-maysūr fī tārīkh bilād al-Takrūr`, to a nan jadawalin ke aiki. Ka riƙe tsari ɗaya tun daga farkon kundi har ƙarshe. Akwai waƙoƙin Hausa masu sunan Larabci. Sunan ya bi tsarin Larabci, ka nuna cewa matanin Hausa ne.

Sunan jarida fa, Malam, kamar Gaskiya Ta Fi Kwabo?

A APA sunan maƙalar da ke cikin jaridar ake fassarawa, sunan jaridar ya zauna yadda yake.

Idan sunan littafin karin magana ne, ma'anar zan fassara ko kalmomin?

Ka tsaya kusa da kalmomin muddin za a fahimta. Kada ka nemo karin maganar Turawa ka ɗora, domin mai karatu zai zaci haka marubucin ya ce. Sharhin ma'ana wurinsa cikin kundi. Idan kuma fassarar da aka buga ka karanta, kamar Shaihu Umar da Mervyn Hiskett ya fassara a 1967, ita za ka kawo da sunan mai fassara, ba ta Hausar da ba ka buɗe ba.

Malam, idan shekarar Hijira kaɗai ke jikin littafin fa?

Rubuta ta, ka ƙara ta Miladiyya. Ninka da 0.97 ka tara da 622 don kimantawa, amma ka tuna shekarar Hijira takan ratsa shekarun Miladiyya biyu: 1400 ta fara a 1979 ta ƙare a 1980. In ba sunan wata a jiki, duka biyun za ka sa.